Gwajin tallan turaren Yaya: hoton kwalabe ko hoton kasko

Alhamis, 2 ga Oktoba, 2025

Yau na buɗe lissafin tallan da na yi wa Yaya a watan jiya, kuma abin da na gani ne ya sa na fara wannan rubutu. Turaren wuta take haɗawa a nan Kano, sandal da hawi, kwalba ₦6,500. Tallan a Facebook da Instagram yake fita, wadda ta taɓa shi sai ta faɗo kai tsaye cikin WhatsApp ɗin Yaya.

Hotuna biyu muke da su. Na farko kwalabe ne uku a jere kan farin ƙyalle. Na biyu kasko ne da garwashi, hayaƙi yana tashi, kwalba ɗaya a gefe. Na zuba su duka a `ad set` guda, wato rukunin talla mai kasafi ɗaya, na sa ₦20,000, ina cewa a raina ai gwaji na yi. Da na duba `Amount spent`, hoton kwalabe ya ci ₦16,700, ya kawo saƙo 64. Hoton kasko ₦3,300 kawai aka ba shi, ya kawo 15.

Yaya ta leƙo ta ce, "To ai ka gani, Auta, kwalabe sun yi nasara." Na ce mata a raba kuɗin tukuna: saƙon kwalabe ya tashi a ₦261, na kasko ₦220. Sai ta ce to kasko ne. Gaskiyar magana babu wanda ya ci. Idan talla biyu suna ɗaki ɗaya, manhajar tallan Facebook ba raba kuɗin daidai take yi ba. Wanda ya ɗan fara motsi a sa'o'in farko shi take ɗura wa kuɗi, ɗayan ta bar shi da ragowa. Kuma mace ɗaya tana iya ganin duka biyun, hayaƙin ya ja hankalinta jiya, yau ta taɓa na kwalabe. Wa za a rubuta wa wannan saƙon?

Abu ɗaya dai na tsinta: saƙo 79 a ₦20,000, wato kowane saƙo kusan ₦250. Da wannan zan yi kasafi.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Mun yi ja-in-ja a kan abin da za a gwada. Yaya tana son na biyu ya zama bidiyo, a canja rubutun, a kuma cire farashi "don mutane su tambaya". Na ce mata idan muka canja abu uku lokaci guda kuma ya yi nasara, wanne za mu gode wa? Idan ya faɗi, wanne za mu zarga?

Batun farashin ne ya fi ɗaukar mu lokaci, don shi ne ainihin abin da take son sani. Matsalarsa a ma'auni take. Tallan da babu farashi dole ya fi kawo saƙo, tunda duk mai son jin "nawa ne" sai ta rubuto, ta ji, ta ɓace. Idan saƙo muke ƙirgawa, mun san wanda zai ci tun kafin a fara. Sai dai a ƙirga waɗanda suka biya, su kuwa a wajen Yaya kusan ɗaya ce cikin goma. Kuɗinmu ba zai tara masu saye da yawan da za a iya auna su ba. Mun ajiye wannan gefe.

Abin da muka tsaya a kai: hoto kaɗai zai bambanta. A shi ne kwalabe, B shi ne kasko. Rubutu ɗaya, farashi a rubuce a jikin duka biyun da girma ɗaya, maɓalli ɗaya, lambar waya ɗaya. Mutanen da za a nuna wa ma ɗaya: mata 'yan shekara 22 zuwa 50 a Kano da Kaduna da Abuja. Tunda kowa ta ga farashi kafin ta rubuto, yawan saƙo ya zama ma'aunin da bai fifita kowane gefe ba.

Na sake ɗaukar hotunan biyu yau da hantsi, da waya ɗaya, a bakin taga ɗaya. Tsohon hoton kaskon da daddare aka ɗauka, ya yi duhu. Da na bar shi haka, haske da duhu zan gwada ba kwalabe da kasko ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Yau ranar lissafi ce: saƙo nawa muke bukata?

A ce hotunan biyu ƙarfinsu ɗaya ne ƙwarai, kuma an ba su kuɗi daidai. To kowane saƙo da ya shigo kamar jefa kwabo ne, ko ya faɗa wa A ko ya faɗa wa B. Wanda ya jefa kwabo sau 100 ba kasafai yake samun 50 da 50 cif ba. Zai ga 54 da 46, ya ga 45 da 55, kuma kwabon lafiyarsa ƙalau. Tazarar 10 ba komai ba ce. Tazarar da ta kai 20 kuwa, wato 60 da 40, kusan sau ɗaya cikin ashirin kawai sa'a take kawo irinta. Daga nan ƙa'idar da zan yi aiki da ita ta fito:

```
tazara = babba − ƙarami
iyaka  = 2 × √(A + B)
```

Alamar √ tana kan kalkuletar kowace waya, lambar da idan ka ninka ta da kanta za ta ba ka jimillar. Idan tazara ta wuce iyaka, da wuya a ce sa'a ce kawai. Idan ba ta wuce ba, ba a nuna komai ba tukuna. Sharaɗin ƙa'idar shi ne kuɗin da kowane gefe ya kashe ya zo daidai ko kusa da haka sosai. Shi ya sa ba za ta yi aiki a kan 64 da 15 na watan jiya ba.

Tambaya ta biyu ta fi wuya, kuma Yaya ce ya kamata ta amsa: wane irin bambanci ne ya isa ta damu da shi? Ƙaramin bambanci yana bukatar saƙo mai yawan gaske kafin ya fito daga cikin hayaniyar sa'a. Akwai ƙiyasin da masu lissafi suke amfani da shi:

```
saƙo a kowane gefe ≈ 16 ÷ (bambanci × bambanci)
```

Idan wani hoto ya fi ɗan'uwansa da kashi 10 cikin 100, wato 0.1, ana bukatar saƙo 1,600 a kowane gefe. A ₦250 kowanne, ₦800,000 ke nan gefe biyu. Yaya ta ce, "Kai Auta, ai jarin nawa gaba ɗaya ka kira." Kashi 20 yana son 400 a kowane gefe, ₦200,000. Kashi 30 yana son kusan 180, na cike shi 200, gefe biyu ₦100,000. A nan muka tsaya.

Ko da wannan adadi, in da gaske akwai bambancin kashi 30, kusan sau 8 cikin 10 ne gwajin zai kama shi. Sauran biyun zai wuce mu. In kuwa bambancin kashi 15 ne, mafi yawan lokuta ba za mu gan shi ba. Na faɗa mata wannan yanzu don kada ranar sakamako ta ce na ɓoye.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na haɗa gwajin a `Ads Manager`, manhajar da ake shirya tallan Facebook da Instagram, wannan karon ta hanyar `A/B test`. Amfaninsa shi ne yana raba mutanen gida biyu ba tare da zaɓe ba, wadda ta faɗa gidan A ba za a nuna mata B ba, kuma kowane gida da kasafinsa. Na sa ₦3,600 a rana ga kowanne, kwana 14, wato ₦50,400 kowane gefe. Zai fara Litinin 13, ya ƙare daren Lahadi 26.

Mako biyu cif na zaɓa saboda kwanakin mako ba halinsu ɗaya ba. Wayar Yaya ranar Juma'a da yamma da Asabar ba ta hutawa, Talata kuwa shiru. Gwajin kwana 4 ko 10 zai ɗauko wasu ranakun ya bar wasu. Akwai zaɓin da yake tsayar da gwaji da wuri idan manhajar ta ga wanda ya ci, na tabbatar a kashe yake.

Na rubuta yarjejeniya a bayan littafin bashin Yaya, muka sa hannu, tana dariya:

Abin da za a ƙirga shi ne `Messaging conversations started`, wato yawan hirar da aka fara ta dalilin tallan, ba yabo ko sharhi ba. Ba a tsayarwa kafin 26 ga wata. Ba a taɓa hoto, rubutu, kuɗi ko mutanen da ake nuna wa. Hukunci sau ɗaya ne, ranar 27, da ƙa'idar iyaka.

Na kuma roƙe ta ta riƙa sa wa kowace hira lakabin A ko B a WhatsApp Business, tunda tallan da mutum ya biyo yana fitowa a saman hirar. Wannan don mu ga masu saye daga baya ne, ba shi ne ma'aunin ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Kwana uku: A 34, B 51. Kuɗin da aka kashe kusan daidai. Jimilla 85, iyaka 18 da ɗoriya, tazara 17. Saura ƙiris. Duka biyun har yanzu `Learning` ne a gabansu. Manhajar tana laluben irin mutanen da za ta nuna wa, kuma sai ta samu sakamako wajen 50 cikin mako take nutsuwa. Alƙaluman kwanakin farko sun fi na kowane lokaci rawa.

Asabar, 18 ga Oktoba

Bayan kwana biyar: A 60, B 85. Jimilla 145, iyaka 24.1, tazara 25. Ta wuce.

Kuskurena ne da na faɗa wa Yaya. Bayan la'asar ta same ni a tsakar gida tana tace turare, ta ce, "Ba kai ka ce in ta wuce iyaka shi ke nan ba? Ga ta ta wuce. Kullum ₦3,600 muke zubawa a hoton da ya faɗi. Kwana tara da suka rage nawa ke nan?" Na buga, ₦32,400. Ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma ni ma zuciyata ta karkata. B yana gaba da kashi 42 cikin 100.

Abin da ya riƙe ni shi ne wannan "sau ɗaya cikin ashirin" na wanda ya duba sau ɗaya ne, a ranar da ya sa tun farko. Wanda yake leƙawa kullum, da niyyar tsayawa duk ranar da tazara ta tsallaka, wani wasan yake yi daban. Tazarar tana hawa tana sauka, ko da hotunan ƙarfinsu ɗaya, shi kuma yana jira ne kawai ta hau ya ce an gama. An ƙididdige wannan tun 1969: mai dubawa sau biyar, yiwuwar ya ga nasarar ƙarya ta tashi daga 5 cikin 100 zuwa wajen 14. Mai dubawa sau goma, wajen 19. Ni kuwa tun Litinin ban tsallake ko safiya ɗaya ba.

Na yi mata misali da tseren yara a layi: in kai ne mai cewa "a tsaya", kuma ɗanka yana cikin masu gudu, duk lokacin da ya ɗan leƙo gaba za ka daka tsawa. Ta ce misalin ya yi, amma kuɗinta ne ba nawa ba. Sai na nuna mata cewa ₦32,400 ɗin ba a rijiya za su faɗa ba. A ɗin ma saƙo yake kawowa, 12 a rana. Ko da B ya fi shi yadda muke gani yanzu, abin da za ta rasa saƙo biyar ne a rana, 45 a kwana tara, wato wataƙila kwalba huɗu ko biyar. Wannan ne kuɗin sanin gaskiya, kuma hoton da aka zaɓa za ta yi wata da watanni tana zuba masa kuɗi. Ta ɗauko littafin bashi ta kalli sa hannunta, ta ce, "Allah ya kai mu 26 ɗin."

Litinin, 20 ga Oktoba

Mako ɗaya cif: A 89, B 112. Asabar da Lahadi A ya kawo 29, B ya kawo 27. Tazara ta sauko 23, iyaka ta hau 28. Nasarar shekaranjiya ta narke. Ban ce wa Yaya komai ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Daga yau `Amount spent` kaɗai zan riƙa dubawa, don in tabbatar babu gefen da ya tsaya ko aka ƙi amincewa da tallansa. Ginshiƙin sakamakon na ɓoye shi.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Abubuwa biyu sun faru. Talata wayar Yaya ta mutu tun azahar, babu wuta, sai bayan isha aka samu caji. Ta damu ko gwajin ya lalace. Tambayar da nake yi wa duk irin wannan ita ce: gefe ɗaya abin ya buga ko duka biyun? Lamba ɗaya ce, jinkirin ya shafi matan A da na B daidai, kuma saƙonsu ya riga ya tashi daga wajensu. Ciniki ya ɗan taɓu, adalcin gwajin bai taɓu ba. Haka albashin ƙarshen wata da zai fara shigowa, kowane gefe zai sha.

Na biyun ya fi haɗari. Mai kawo mata itacen sandal ya ƙara kuɗi, tana son a mayar da farashi ₦7,000 a jikin hotunan yau. Wannan gyara ne babba: tallan zai koma a sake duba shi, manhajar ta koma koyo daga farko, kuma ba lallai biyun su dawo a sa'a ɗaya ba. Sannan kwana goma na farko da huɗu na ƙarshe sun zama gwaji biyu daban da aka cusa a buhu ɗaya. Kwana huɗu ne, ta haƙura za ta sayar a tsohon farashi.

Litinin, 27 ga Oktoba

An gama. A ya kashe ₦50,310, ya kawo saƙo 188. B ya kashe ₦50,280, ya kawo 221.

```
tazara = 221 − 188 = 33
iyaka  = 2 × √409 ≈ 40
```

Ba ta wuce ba. B yana gaba da kashi 18 cikin 100, ba 42 ɗin da muka gani a kwana na biyar ba. Daga wannan ranar zuwa ƙarshe A ya kawo 128, B ya kawo 136, kusan kunnen doki.

Manhajar ita ta sa wa B alamar nasara. Ban yi mamaki ba, don ma'auninta ya fi nawa sauƙi: tabbacin kashi 65 cikin 100 ya ishe ta ta kira wani gefe wanda ya ci. Yaya ta ce to ni da masu manhajar wa za ta bi?

Na ce mata ta ɗauki 33 ta cire 40, ta kuma ƙara 40. Abin da ya fito, daga ƙasa da sifili da 7 zuwa 73, shi ne faɗin da ainihin bambancin zai iya zama a ciki. A gefe mafi muni, kasko ya gaza kwalabe da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A gefe mafi kyau, ya fi su da wajen kashi 40. Saboda haka ba zan iya cewa mun tabbatar kasko ya fi ba, kuma in wata mai turare ta tambaye ni ba zan ce mata hoton hayaƙi yana ƙara saƙo da kaza ba. Amma abin da yake gaban Yaya zaɓi ne tsakanin hotuna biyu da duk suna hannu, babu wanda zai ƙara mata ko sisi. A irin wannan, wanda yake gaba kuma aka ga ba zai yi mugun faɗi ba shi ake ɗauka. Da a ce B bidiyo ne da sai an biya mai ɗauka duk wata, da wannan sakamakon bai isa ya sa ta buɗe jaka ba.

Mun ɗauki B. A kasafin wata mai zuwa na rubuta ₦246 a kowane saƙo, matsakaicin gefe biyun, ban rubuta ₦228 na B ba. Wanda aka zaɓa saboda ya zo gaba, galibi akwai ɗan rabon sa'a a cikin alƙaluminsa, kuma ba dole ta biyo shi wata mai zuwa ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Jiya da daddare na shiga `Breakdown` ina yanka sakamakon gida-gida, shekaru da gari da Facebook da Instagram. Sai ga matan Kaduna 'yan 35 zuwa 44: A 9, B 21. Tazara 12, iyaka 11. Har na ɗauki waya zan kira Yaya, sai na ƙirga gidajen da na leƙa kafin in iso nan, sun haura ashirin. Ƙa'idar da take kuskure sau ɗaya cikin ashirin, in ka tambaye ta sau ashirin, kada ka yi mamaki ta ba ka ɗaya. Cutar 18 ga wata ce ta dawo da wata riga. Na rubuta shi a matsayin abin da za a iya gwadawa shi kaɗai wata rana, ban gina komai a kansa ba.

Lakabin Yaya ya nuna waɗanda suka biya zuwa yau: 21 daga A, 19 daga B. Iyaka a nan wajen 13 ce, tazara 2. Ba ya nuna kwalabe sun fi kawo ciniki, ba ya kuma nuna sun gaza. Amfaninsa kawai bai nuna wani mugun rami a gefen B ba, irin a ce saƙo ya yi yawa masu biya sun ragu rabi.

Yaya ta tambaya ko ta sa hoton kaskon a takardar da za ta buga ta liƙa a shagunan kayan mata. Na ce ta sa in ya yi mata, amma kada ta jingina da gwajin nan. An raba mutanen gida biyu ba da zaɓe ba, gaskiya ne, amma a cikin kowane gida manhajar ce ta zaɓi waɗanda take ganin za su taɓa wannan hoton ta nuna musu. Wataƙila matan da suka ga kasko ba irin waɗanda suka ga kwalabe ba ne. Abin da muka auna shi ne hoto haɗe da zaɓen manhajar, a waɗannan garuruwa uku, a ₦6,500, a watan Oktoba. Takarda a jikin bango ba ta zaɓar mai kallonta.

Sabon tallan ya fara yau da hoton kasko da ₦7,000. Batun cire farashi yana nan, ba ta manta ba. Na buga mata lissafinsa: tunda masu biya za a ƙirga, 180 a kowane gefe na nufin saƙo wajen 1,800, kusan ₦900,000 gefe biyu. Abin da take kashewa a talla a wata bai wuce ₦100,000 ba, wato wata tara ana gwaji ɗaya, kuma azumi da sallah za su faɗo a tsakiya. Ta ce a bar farashin a jiki, ko ba komai ta huta da amsa "nawa ne". Na bar wannan shafin a buɗe, zan dawo ranar 13 ga Nuwamba in rubuta nawa saƙo ya tashi a sabon farashi.